Yadda za ka raba kwastomominka gida uku a Excel da IFS da AND

Kawuna yana da shagon atamfa, shadda da leshi a wajen Terminus, a nan Jos, kuma ni ke riƙe masa lissafi a kwamfuta. Da azumi ya kai goma sai ya ce mini: "Ɗana, bana ina son in yi wa na gida alheri, ko da yadi biyar ne na shadda kowa. Amma fitar mini da su a rubuce, kada in ba wanda ya leƙo sau ɗaya in manta wanda ya shekara yana zuwa." Fuska kam ya san ta, amma yaran shago uku ne ke sayarwa, shi kuma rabin mako yana Kantin Kwari wajen sari. Abin da ya sani da ido bai kai abin da ke cikin littafi ba.

Abin da na yi masa shi zan bi da kai daki-daki. Fomular da za ta yi aikin layi ɗaya ce, sai dai kafin a kai gare ta akwai shawarar da mai shago kaɗai zai yanke, kuma yawancin kuskuren da na gani a nan yake faruwa, ba a wajen bugawa ba.

Ka fara da takarda da biro

Tambayar farko: wane ne na gida? Na tambayi Kawu, ya ce wanda yake yawan zuwa. Na ce to matar nan da ke zuwa kusan duk wata ta sayi rabin yadi na shafi fa? Ya yi shiru, sannan ya ce a'a, sai wanda yake yawan zuwa kuma yake ajiye kuɗi mai kauri. Wannan "kuma" da ya faɗa ita ce AND. Sharaɗi biyu ne, dole su cika tare, ɗaya ba ya rufe wa ɗaya baya.

Muka zauna muka tsayar da adadi na wata goma sha biyu. Na gida shi ne wanda ya saya sau 8 ko fiye, kuma jimillar kuɗinsa ta kai naira 300,000. Mai dawowa shi ne wanda ya saya sau 3 ko fiye, kuma ya kashe aƙalla naira 50,000. Sabo shi ne wanda bai wuce sau 2 ba, komai yawan abin da ya kashe.

Waɗannan adadin na shagonmu ne. Mai sayar da dankalin Turawa a Farin Gada, wanda kwastoma ke zuwa masa sau biyu a mako, sau 8 ba komai ba ne a wurinsa. Hanyar da na fi yarda da ita wajen tsayar da iyaka ita ce mai shago ya lissafo mutum goma da ba ya shakkar na gida ne, sai a duba sau nawa suka saya da nawa suka kashe, a sa iyakar ƙasa kaɗan da mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ta haka adadin zai fito daga shagon kansa.

Shafi biyu, kowa da lambarsa

Shafi na farko na sa masa suna Ciniki. Kolum A kwanan wata, B lambar kwastoma, C kuɗin da ya biya. Shafi na biyu sunansa Kwastoma: A lamba, B sau nawa ya saya, C jimillar kuɗi, D rukuninsa, E suna.

Kada ka ƙidaya da suna. A littafinmu mutum ɗaya ya fito da "Hajiya", da "Haj.", da "Hajiya Rikkos", alhali Hajiyoyin da ke zuwa daga Rikkos sun fi biyar. Ka ba kowa lamba, K001, K002, haka har ƙarshe, a riƙa rubuta ta a kan rasit.

A akwatin B2 na shafin Kwastoma ka rubuta:

```
=COUNTIF(Ciniki!$B:$B,A2)
```

A C2 kuma:

```
=SUMIF(Ciniki!$B:$B,A2,Ciniki!$C:$C)
```

Ka ja su ƙasa har layin ƙarshe. Abu ɗaya za ka kiyaye: COUNTIF layuka take ƙirgawa, ba zuwan mutum ba. Idan yaron shago yana rubuta atamfa a layi ɗaya, ɗankwali a layi na biyu, zare a na uku, duk na rasit guda, to wanda ya zo sau uku zai fito kamar ya zo sau tara. A shafin Ciniki rasit ɗaya layi ɗaya, da jimillarsa.

Ga mutum bakwai daga cikin abin da ya fito, da su za mu yi gwaji:

| Lamba | Sau nawa | Jimilla |
|---|---|---|
| K001 | 14 | 620000 |
| K002 | 5 | 180000 |
| K003 | 1 | 750000 |
| K004 | 11 | 42000 |
| K005 | 8 | 300000 |
| K006 | 9 | 210000 |
| K007 | 2 | 35000 |

K001 tela ne a Dilimi, shi ke saya wa masu kawo masa ɗinki. K003 dattijo ne da ya zo daga Bukuru haɗa lefen ɗansa, ya cika akwatuna a yini ɗaya, tun daga nan ba a sake ganinsa ba. K004 ita ce matar shafi da zare.

Gwada AND ita kaɗai tukuna

Kafin ka cusa ta cikin wata fomula, ka ga yadda take amsawa. A wani akwati da babu komai, a ce F2:

```
=AND(B2>=8,C2>=300000)
```

Amsarta ɗayan biyu ce, TRUE ko FALSE. Ka ja ƙasa. K001 zai ba da TRUE. K003 zai ba da FALSE duk da ya fi kowa kashe kuɗi, domin sau ɗaya ya zo. K004 ma FALSE: zuwan ya cika, kuɗin bai kai ba. K005 ya tsaya daidai kan iyaka ta ɓangare biyun, ya ba da TRUE saboda mun rubuta `>=`. Da `>` kawai muka sa, da ya faɗi. Shi ya sa nake son a kowane gwaji a samu mutum ɗaya da ke daidai kan iyaka, ko da ƙirƙirar layin za ka yi ka goge daga baya.

Kada kuma ka rubuta waƙafi a cikin adadi. In ka buga 300,000 a cikin fomula, Excel zai ɗauki waƙafin a matsayin mai raba sharaɗi, ya karanta 300 daban, 000 daban. Sifili a wurin AND daidai yake da FALSE, don haka kowa zai faɗi, kuma babu saƙon kuskuren da zai fito ya gargaɗe ka.

IFS, da dalilin da ya sa jeri yake da muhimmanci

IFS tana karɓar abubuwa bibbiyu: sharaɗi, sannan abin da za a rubuta in ya cika, wani sharaɗi, sannan nasa sakamakon. Tana bi daga hagu zuwa dama, inda ta fara cin karo da TRUE nan take tsayawa, sauran ba ruwanta da su. A D2:

```
=IFS(AND(B2>=8,C2>=300000),"Na gida",AND(B2>=3,C2>=50000),"Mai dawowa",B2<=2,"Sabo")
```

Mu bi ta da K006, mai sau 9 da naira 210,000. Sharaɗi na farko: 9 ya kai 8, amma 210,000 bai kai 300,000 ba, AND ta ce FALSE. A wuce. Na biyu: 9 ya kai 3, 210,000 ya wuce 50,000, TRUE. Sai ta rubuta Mai dawowa ta tsaya.

Yanzu dubi tela. Sau 14 da naira 620,000 sun cika sharaɗin na gida, amma ai sun cika na mai dawowa ma. Duk na gida yana cikin sharaɗin mai dawowa. Abin da kawai ya raba su shi ne wanda aka fara tambaya. Ni da kaina na yi wannan kuskuren a karon farko: na jera daga ƙarami zuwa babba kamar yadda baki ya saba faɗa, sabo, mai dawowa, na gida. Fomula ta karɓu lafiya lau. Na buga takarda na kai wa Kawu, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ɗago ya ce: "Wato duk Jos ba ni da na gida ko ɗaya? Har telan Dilimi?" Kowa ya maƙale a sharaɗin mai dawowa, babu wanda ya ƙarasa na ƙarshe. Alamar wannan matsalar ke nan: rukuni guda ya fito babu kowa a cikinsa. Maganinta shi ne a fara da sharaɗin da ya fi tsauri, mai sauƙi ya biyo baya.

Amfanin jerin kuma shi ne yana rage maka rubutu. Ba sai ka ce mai dawowa shi ne daga 3 zuwa 7 ba. Duk wanda ya iso sharaɗi na biyu, an riga an san bai ci na farko ba.

Wanda bai shiga ko'ina ba

Da ka ja fomular ƙasa za ka ga `#N/A` a gaban K004. Ba lalacewa ba ce. IFS ta tambayi sharaɗi uku, duk sun ce FALSE: kuɗinta bai kai na gida ba, bai kai na mai dawowa ba, kuma sau 11 ya fi ƙarfin a kira ta sabuwa. Tun a takarda muka bar rami ba mu lura ba.

Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su cire `B2<=2` su sa `TRUE,"Sabo"` a ƙarshe. TRUE a matsayin sharaɗi na ƙarshe tana nufin duk wanda ya rage. Kuskuren zai ɓace, shafi ya yi tsaf, amma matar da ta tako shagon sau goma sha ɗaya an mayar da ita baƙuwa. Ban yarda da wannan gyaran ba ko kaɗan, haka ma lulluɓe fomular da IFERROR. Gara ramin ya fito fili da sunansa:

```
=IFS(AND(B2>=8,C2>=300000),"Na gida",AND(B2>=3,C2>=50000),"Mai dawowa",B2<=2,"Sabo",TRUE,"A duba")
```

Sai ka tace kolum D da Filter, ka fito da masu "A duba", ka kai wa mai shago. Da na nuna wa Kawu layin K004 ya gane ta nan take. Ya ce tana koyar da 'yan mata ɗinki a Anguwan Rogo, kuma ɗalibanta da dama ta hanyarta suka san shagon. "Wannan ai ba a ce mata baƙuwa. Duk wanda ya zo sau takwas, ko allura yake saya, sa shi a masu dawowa." Sai muka ƙara sharaɗi ɗaya, `B2>=8,"Mai dawowa"`, kafin TRUE. Waɗanda suka zo sau 3 zuwa 7 da ɗan kuɗi kaɗan suka ci gaba da zama a "A duba", ana kallon su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su da yawa.

Dattijon lefe kuwa ya zauna a Sabo, kuma daidai ne. Kuɗinsa ya fi na tela, amma ciniki ɗaya bai nuna zai dawo ba. Da da OR muka yi aiki a maimakon AND, da ya haye sama ya karɓi shaddar Sallah, wataƙila har a fara ba shi kaya bashi ba tare da an san halin biyansa ba.

Akwai wani ƙaramin rami a ƙasa. Wanda aka ba lamba amma bai sayi komai ba a wannan shekarar, COUNTIF za ta ba shi 0, kuma 0 bai wuce 2 ba, sai ya zama Sabo. Sharaɗin `B2=0` a farkon fomula yana ware shi.

Fitar da iyakokin daga cikin fomula

Farashin turmi bana ba shi ne na bara ba. Naira 300,000 da ke nuna babban kwastoma yau, nan da wani lokaci za ta zama kuɗin turame kaɗan, kuma ba za ka so ka riƙa buɗe fomula kana sauya adadi ba. Ka rubuta iyakokin a gefe: H2 ka sa 8, I2 ka sa 300000, H3 ka sa 3, I3 ka sa 50000, sannan a G2 da G3 ka rubuta sunayen rukunan don wanda zai buɗe fayil ɗin bayanka. Fomular ƙarshe ta zama:

```
=IFS(B2=0,"Bai saya ba",
AND(B2>=$H$2,C2>=$I$2),"Na gida",
AND(B2>=$H$3,C2>=$I$3),"Mai dawowa",
B2<$H$3,"Sabo",
B2>=$H$2,"Mai dawowa",
TRUE,"A duba")
```

Na karya ta layi-layi ne don ta karantu. A cikin Excel, Alt da Enter ke yin haka, kuma ba ya taɓa aikinta. Lura cewa Sabo yanzu `B2<$H$3` ne, wato ƙasa da iyakar mai dawowa. In an ɗaga H3 zuwa 4, sharaɗin Sabo zai bi shi da kansa, ba a bar masu sau 3 a tsakiya ba.

Alamar `$` ita ke ɗaure akwatin ya tsaya wuri ɗaya. In ka manta ta, da ka ja fomula ƙasa H2 zai koma H3, sannan H4, H5, inda babu komai. Excel yana ɗaukar akwatin da babu komai a matsayin sifili, kowa kuma ya kai sifili, sai ka ga daga layi na huɗu zuwa ƙasa duk wanda ya taɓa saya ya zama na gida. In ka ga haka, danna wani akwati a tsakiyar kolum D ka karanta abin da ke ciki. Maɓallin F4 ke sa `$` yayin da kake rubutu.

Kuɗin da aka rubuta kamar magana

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɓoyewa, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Yaran shago sun saba rubuta N85,000 ko 85k, kamar yadda ake yi a WhatsApp. A idonka kuɗi ne, a wurin Excel rubutu ne, kuma ɓarnarsa iri biyu ce dangane da inda ya shiga.

In a shafin Ciniki yake, SUMIF za ta tsallake shi ba tare da ta ce komai ba. COUNTIF ta ƙirga zuwan, kuɗin bai shiga jimilla ba, sai na gida ya sauko zuwa mai dawowa. In kuwa da hannu aka cika kolum C na shafin Kwastoma, abin ya juya: a wajen kwatantawa Excel yana ɗaukar kowane rubutu ya fi kowace lamba girma. Don haka `C2>=300000` zai ba da TRUE ko da abin da ke akwatin 42k ne. Matar shafi, da zuwanta 11, za ta zama ta gida.

Da ido ana ganewa: lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu yana jingina hagu, muddin ba wanda ya sauya jerin da hannu. Amma layi ɗari takwas ba na bin ido ba ne. Ka yi wannan a gefe:

```
=COUNTA(Ciniki!C2:C900)-COUNT(Ciniki!C2:C900)
```

COUNTA na ƙirga duk akwatin da ke da wani abu, COUNT na ƙirga masu lamba kawai. In amsar ba 0 ba ce, adadin layukan da za ka gyara ke nan. A namu 17 ne, duk na yaro ɗaya. Na sake buga su da lamba zalla, na kuma sa Data Validation a kolum ɗin ya ƙi karɓar komai sai lamba.

Gwaji na biyu: jimillar kolum C na Kwastoma dole ta yi daidai da jimillar kolum C na Ciniki. In ta gaza, akwai cinikin da bai samu mai shi ba. Galibi lamba ce aka buga da harafin O a maimakon sifili, ko aka bar sarari a bayanta, ko kuma sabon kwastoma da ba a shigar da shi shafi na biyu ba.

In kwamfutarka ta ƙi IFS

IFS tana cikin Excel 2019 zuwa sama da Microsoft 365, tana kuma aiki a Google Sheets. Kwamfutoci da yawa a shaguna da wuraren buga takardu suna ɗauke da wanda ya girmi haka. A can za ka ga `#NAME?`, in kuma fayil ɗin daga wata kwamfuta ya zo, za ka ga `_xlfn.IFS` a cikin fomular. IF a cikin IF tana yin aikin, da jeri iri ɗaya:

```
=IF(B2=0,"Bai saya ba",IF(AND(B2>=$H$2,C2>=$I$2),"Na gida",IF(AND(B2>=$H$3,C2>=$I$3),"Mai dawowa",IF(B2<$H$3,"Sabo",IF(B2>=$H$2,"Mai dawowa","A duba")))))
```

IF biyar, baka biyar a ƙarshe. In Excel ya ƙi karɓar fomula gaba ɗaya, duba abu biyu: wasu kwamfutocin an saita su da `;` a maimakon waƙafi, sannan fomular da aka kwafo daga Word takan zo da lanƙwasassun alamomin zance, alhali miƙaƙƙu `"` kawai Excel ya sani.

Tsohon kwastoma da ya fito a Sabo

In shafin Ciniki ya tara shekaru, ƙidaya daga farko za ta sa wanda ya daina zuwa tuntuni ya ci gaba da zama na gida. Ka rubuta ranar da za a fara lissafi a H5, sannan B2 da C2 su koma:

```
=COUNTIFS(Ciniki!$B:$B,A2,Ciniki!$A:$A,">="&$H$5)
=SUMIFS(Ciniki!$C:$C,Ciniki!$B:$B,A2,Ciniki!$A:$A,">="&$H$5)
```

Lura cewa a SUMIFS kolum ɗin kuɗi ne ke zuwa farko, saɓanin SUMIF inda yake ƙarshe. Da ka yi haka, gwajin daidaita jimilla da na ambata zai yi aiki ne kawai in ka kwatanta da cinikin da ya fara daga ranar H5.

Sai dai yanke lokacin yana da nasa aibin. Akwai wani Alhaji da ya shekara uku yana sayen shadda a wurinmu, bana sau biyu kawai ya zo, fomula ta ce Sabo. Sau nawa da nawa aka kashe ba su san tarihi ba. Don haka na ƙara kolum F da ranar da kowa ya fara saya, `=MINIFS(Ciniki!$A:$A,Ciniki!$B:$B,A2)`, wadda ita ma sai Excel 2019 zuwa sama, na mayar da kolum ɗin tsarin Date don kada ya nuna lamba mai tsawo. Na tace masu Sabo, na ware waɗanda ranar farawarsu ta riga H5. Mutum tara suka fito. Na buga wa Kawu takarda biyu, ta na gida da ta waɗannan taran. Ya ajiye ta farko a gefe, ya ɗauki ta biyun ya jawo wayarsa, ya ce in karanto masa sunan na farko.